Nawa ne hoto ɗaya? Jawabi ga masu aikin hoto da na'ura a Ƙonni, Malbaza da Illela

Ina gaida manya da ke cikin zauren nan, da ƴan'uwana matasa, musamman waɗanda sunka taso tun da safe daga Malbaza da Galmi da Badagishiri.

An ce in yi magana kan yadda mai aikin kansa zai yanka farashi in an ba shi aikin hoto da ƙirƙirarriyar basira, wato ka rubuta wa na'ura umarni, abin da ƴan boko ke ce ma furomt, ta fitar maka da hoto. Da kunyata zan fara, don daga gare ta na koyi abin da zan faɗa.

Bayan na gama jami'a na dawo gida ba aiki, sai na shiga wanga sana'a da wayata da tsohuwar kwamfutar wana. Wata rana shugaban wata ƙungiyar manoman albasa ya kira ni. Ya ce: "Ɗana, an ce kana yin hoto da inji. Muna son hoton manomi da albasarshi, mu sa a Wasaf. Nawa ne hoto ɗaya?" Na ce: "Alhaji, jikka biyar." Ya ce ya yi. Ko tayi bai yi ba, ni kuwa har ina murna.

Na tura hoto. Anka ce albasar ja ce irin ta waje, ba launin ta Galmi ba. Na sake. Anka ce manomin ya yi kama da ɗan Habasha, a sa mishi malfa. Na sake. Ma'ajin ƙungiya ya ce a ƙara mace, sakatare ya ce a cire ta, wani da ban ma san matsayinshi ba ya turo murya ta minti huɗu yana son a ga rijiya da injin ban ruwa. Da munka daidaita, sai Alhaji ya ce za su buga shi babba don ranar taro. Mai bugu ya kira ni ya ce hoton ya farfashe, fuskar manomin ta zama kamar an yi ta da bulo. Na koma na sake kusan daga farko. Da na ƙirga a littafina, awa 14 na yi a kan aikin, cikin kwana goma sha ɗaya. Raba 5,000 gida 14, kowace awa ta tashi wajen sefa 360. Kuɗin da nake kashewa don in zauna in yi aikin awa guda, za ku gani nan gaba, ya kai 400. Ashe ni na biya don in yi musu aiki. Bayan wata biyar kuma na ga hoton nan a jikin buhuna a Tsarnawa, ana lodi.

Alhaji bai cuce ni ba. Hoto ɗaya ya tambaya, na amsa mishi da kuɗin hoto ɗaya, kuma ba wanda ya faɗi abin da hoto ɗaya ke nufi. A wurinshi hoton da zai gamsu da shi ne, ya yi abin da ya ga dama da shi. A wurina danna maɓalli ne sau biyu ko uku. Magini ba ya cewa ɗaki kaza ne sai ya auna, ya ƙirga bulo da buhun simintin Malbaza. Mu ma muna da abin ƙirgawa, guda huɗu ne: samfuri nawa za a nuna, gyara sau nawa za a yi, wane girma za a miƙa, da kuma ina za a yi amfani da hoton.

Kafin su, sai ka san kuɗin awarka. Ga nawa lissafin, kowa ya sa nashi adadin. Ina son in samu 90,000 a wata. Awannin da ake biyana da gaske ba su wuce 60 a wata, don sauran lokacin yana tafiya a neman aiki, jiran wuta, jiran rezo da bin bashi. 90,000 a raba 60, 1,500 ke nan. Sai abin da nake kashewa. Abonman Midjourney mafi ƙanƙanta dala 10 ta Amurka ce a wata lokacin da na fara, da ladan wanda ya ara mini katin banki ya kai wajen 6,500. Forfen intanet 10,000. Caji da abin da nake ajewa don ranar da waya za ta mutu, 7,500. Jimla 24,000, a raba 60, 400. Awata ta zama 1,900, na cika ta 2,000. Wani zai ce ya yi yawa tunda mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 42,000 ne tun 2024. To, mai albashi ana biyanshi har ranar da ba a yi komai ba. Kai ba mai biyanka ranar da wuta ta ɗauke.

Na farko, samfuri. Nan mutane ke ruɗewa, don na'ura na zubo hotuna kamar ruwa. Midjourney hotuna huɗu yake ba ka duk lokacin da ka tura umarni. Mai aiki ya gani a wayarka, sai ya ce ai ba wuya, ƙaro mini goma. Amma abin da na'ura ta zubo daban, samfuri daban. Samfuri shi ne ra'ayi guda da ka tace har ya isa a nuna wa mutum: ga manomi a gona, ga albasa ita kaɗai a kan faifai, ga mata suna zuba ta a buhu. Kafin in samu ɗaya mai kyau nakan tura umarni kamar sau biyar, hotuna 20 ke nan, in zubar da 19. Kuma hotunanmu na nan sun fi cin lokaci. Na'urorin nan ba su ga Adar sosai ba. Ka ce manomin Nijar, ta ba ka kayan Gabashin Afirka. Ka ce rawani, ta naɗa na Indiya. Ka ce rumbu, ta gina abin da kakanka bai taɓa gani ba. Sai ka yi ta kwatance, ka ɗauki hoton albasa ta gaske da wayarka ka ba ta ta duba. Saboda haka a takarda nakan rubuta samfuri uku, a zaɓi ɗaya, na huɗu da kuɗinshi. Kuma kada ka taɓa tura wa mai aiki hotuna 60 ɗin da ka tace. Ranar da ka yi haka, zai so kan wancan, rigar wannan da gonar na bakwai.

Na biyu, gyara, kuma nan jinina ya fi zuba. Abu biyu ake kira gyara alhali ba ɗaya ba ne. In manomi ya fito da yatsa shida, ko albasa ta manne da hannu, ko na rubuta sunan ƙungiya ba daidai ba, laifina ne, in gyara kyauta ko sau nawa ne. In kuwa munka yarda da namiji a gona, sai daga baya anka ce a mai da shi mace a kasuwa, wannan sauya ra'ayi ne, sabon samfuri ne. Tsakaninsu akwai gyara na gaske: a rage duhun sama, a matso da rubutu, a sauya launin riga. Shi ake ƙirgawa.

Ku fahimtar da mai aiki dalilin da ya sa ƙaramin gyara ke da kuɗi. Mai zane da hannu in an ce sauya hula, hular kaɗai zai taɓa. Na'ura in ka sauya kalma ɗaya a umarni ka sake turawa, sai ta kawo maka wani mutum daban a wata gona daban. Akwai hanyar shafe wuri guda a ce ta sake nan kaɗai, tana aiki, amma sau da yawa haske ko launin fata ba ya dacewa da sauran, sai ka bi da hannu. Abin da Alhaji ya ɗauka minti biyu ne yakan cinye awa.

Zagaye nake ƙirgawa, ba yawan saƙo ba. Zagaye biyu a cikin farashi. Zagaye ɗaya shi ne: ƙungiya ta zauna, ta tara duk abin da take so, mutum ɗaya da anka rubuta sunanshi a takarda ya turo mini. Na san mutanenmu murya suke turowa, da yawa rubutun boko bai zauna musu ba, kuma wannan ba aibi ba ne. In na saurara sai in mayar da amsa, ni ma da murya in ta kama: "Alhaji, abu uku na ji, malfa, launin albasa, da lambar waya a ƙasa. Haka ne?" Sai ya ce haka ne sannan in taɓa aiki. Wanga saƙo shi ne shaidarka ranar da sakatare zai taso da tashi maganar.

Rubutu kuma kada ku bar wa na'ura. Ko da ta iya Faransanci, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna ba ta wahala, takan cire ƙugiyar ko ta ƙirƙiro harafin da babu shi. Ka fitar da hoto ba rubutu, ka ɗora rubutun da kanka, ka tabbata irin haruffan da ka zaɓa yana da masu ƙugiya. Wannan lokacin ma a takarda yake shiga.

Na uku, girma. Ga abin da ya fasa fuskar manomina. Hoto ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. Abin da Midjourney ya ba ni 1024 a tsaye, 1024 a kwance. A waya ras yake. Amma bugu mai kyau a takarda, wanda za a riƙe a hannu, yana son ɗigo 300 a kowane inci, shi ne mai bugu ke ce ma 300 `dpi`. Inci kuwa santimita 2.54 ne. Lissafin ke nan:

```
fiksel = (cm ÷ 2.54) × dpi
```

In ka juya shi, hoton 1024 a 300 bai kai santimita 9 ba. Ko tafin hannu bai cika ba. Takardar A4 tana son 2480 da 3508. Afish A3 tana son 3508 da 4961. Bandarol kuwa daga nesa ake kallonta, ba ta bukatar 300. A 75 ma tana fita, amma mai mita 2 da mita 1 ko a hakan tana son wajen 5900 da 2950. Kun ga tsakaninta da 1024.

Akwai kayan ƙara girma, na cikin Midjourney yana ninka shi biyu ya kai 2048, wasu suna ninka huɗu. Sai dai ba buɗe hoton suke ba, ƙirƙiro ɗigon da babu suke. Bayan ka ƙara, ka zuƙo hoton zuwa `100%` ka bi shi lungu-lungu: idanu, haƙora, yatsu, saƙar buhu, aikin wuyan riga. Nan za ka ga fata ta zama kamar roba, ko aikin riga ya narke. A waya ba a gani, a bango kowa zai gani. Sannan siffa. Hoto murabba'i ba ya zama bandarol sai an yanke kai ko an ƙara gefe. In ka san tun farko, sai ka sa `--ar 2:1` a umarni ya fito da faɗinshi. Shi ya sa tambayata ta farko yanzu ita ce: a ina za a ga hoton nan, waya, takarda ko bango? In bugu ne, nakan karɓi lambar mai bugun, ko a Ƙonni yake ko Tawa ko Sakkwato, in ji girman da yake so, kuma in roƙi ya buga ɗan yanki na gwaji. Launin albasar Galmi, tsakanin ja da shuɗi, yana cikin waɗanda kan sauya in sun bar allo sun hau tawada. Kowane girma layinshi daban a takarda.

Tambari kuma ku yi hattara. Tambari yana son zane irin `SVG` da ke girma ba ya fashewa, na'urar hoto kuwa galibi ba shi take bayarwa ba. In an ce tambari, sake zanawa ne da hannu, farashinshi daban.

Na huɗu, izini. Nan ina son mu ji tsoron Allah ta fuska biyu: kada a cuce mu, kada mu ma mu sayar da abin da ba namu ba.

Hoton da za a tura a Wasaf sati ɗaya da hoton da zai hau buhu dubu ana ciniki da shi, aikin ɗaya ne amma amfanin ba ɗaya ba. Don haka takarda ta faɗi abu uku: a ina, har yaushe, kuma shi kaɗai ne ko zan iya sake amfani da shi. Ni nakan sa talla a waya da afish na shekara guda a cikin farashi. In zai hau kayan sayarwa, nakan ƙara rabin kuɗin aikin. Ba doka ce ta yanka rabi ba, ni na ga ya dace, wani zai iya ganin ƙasa ko sama.

Amma me kake sayarwa? A Amurka, a Fabrairun 2023, ofishin haƙƙin mallaka ya duba wani littafin zane mai suna Zarya of the Dawn da anka yi hotunanshi da Midjourney. Ya ce rubutun da tsarin jera hotunan na mai littafin ne, amma hotunan kansu ba su da kariya, don ba mutum ya zana su ba. A Janairun 2025 ofishin ya sake cewa rubuta umarni kaɗai bai isa ya mai da mutum mai hoton ba. Wannan dokar Amurka ce, ba tamu ba. Mu dokarmu ta haƙƙin mawallafa ta 2010 ce, an yi ta tun kafin na'urorin nan su zo, kuma BNDA a Yamai ke kula da sha'anin. Duk da haka ya ishe mu gargaɗi. Kada ka rubuta wa mutum cewa ka sayar mishi da cikakken haƙƙin mallaka, ba mai iya kwafa. Ba ka da ikon cika wanga alkawari. Abin da kake iya sayarwa da gaskiya shi ne aikin hannunka da ke kai, wato rubutu, tsari da gyare-gyare, sai alkawarin cewa kai ba za ka ba wani ba. In ƙungiya na son alamar da doka za ta tsare mata, hanyar ita ce rajistar tambari a OAPI, hukumar da ke Yawunde mai ƙasashe 17 har da Nijar, kuma ka faɗa musu haka tun farko.

Ka kuma karanta sharuɗɗan na'urar da kake aiki da ita. A Midjourney, hotunan ƙananan abonma a fili suke, kowa na iya ganinsu a shafinsu tare da umarnin da ka rubuta. Ɓoyewa sai a manyan abonma masu tsada. To yaya za ka karɓi kuɗin sirri alhali aikin yana baje? Kuma kamfanin da cinikinshi ya wuce dala miliyan ɗaya a shekara, sharaɗinsu babban abonma ne. In babban kamfani ya nemi aikinka, wannan kuɗin shi zai ɗauka, ka sa a takarda. Fuskar mutum na gaske kuwa, sarki ne, malami ne ko ɗan siyasa, ni ba na yi sai da yardarshi, ko nawa za a biya.

Umarnin kanshi ma kaya ne. Wasu in an gama sai su ce turo mana abin da ka rubuta. Wanda ya samu umarnin da ka kwana kana gogewa, gobe ƙanenshi zai yi mishi irin aikin. Ana iya sayarwa, ni 10,000 nake cewa tare da fayil ɗin da ake iya gyarawa, amma ba gyara ne na ciniki da ake ɗorawa kyauta ba.

Da kakar albasa ta zagayo, Alhajin nan ya sake kirana. Wannan karon na je da debi a rubuce. Sauraro da rubuta umarni, awa ɗaya, 2,000. Samfuri uku, awa biyu, 4,000. Kammala wanda anka zaɓa da ɗora rubutu, awa ɗaya da rabi, 3,000. Gyara zagaye biyu, 4,000. Girman waya yana ciki. Afish A3, 2,000. Bandarol mita 2 da 1, 4,000. Aiki ya tashi 19,000, awa tara da rabi. Izinin buhu, rabi, 9,500. Duka 28,500.

Ya duba ya ce: "Ɗana, bara jikka biyar, bana kusan talatin? Injin ne ya ƙara kuɗi?" Na ce: "Alhaji, Allah ya ƙara girma, bara ni na yi kuskuren lissafi." Na buɗe mishi littafina ya ga awa 14. Ya yi dariya ya ce jikka ashirin ƙungiya ta ware, ba ƙari.

Da can da sai in ce to, a bar shi ashirin, in yi duka aikin. Yanzu ba na rage kuɗi sai an rage kaya. Na tambaya ko bandarol ɗin dole ce. Ya ce ta bara na nan. Munka cire, aiki ya koma 15,000. Na ce in za su zauna su tara gyaransu wuri guda, zagaye ɗaya ya isa. Ya ce shi zai tsawata wa sakatare. Aiki ya koma 13,000, izini 6,500, jimla 19,500. A ƙasa na rubuta cewa ƙarin zagaye 2,500 ne. Sun nemi ɗaya daga baya, sun biya ba gardama, don da bakinshi ya karanta wa ƴan ƙungiya layin.

A ƙasan takardar akwai wasu layuka da ba na mantawa. Rabin kuɗi kafin alƙalami, ta Nita ko Amana ko hannu da hannu. Samfuri yana tafiya ƙarami da sunana a kwance a kai, babban fayil sai an cika. Farashin yana aiki kwana 15, don abonma da dalar Amurka ake biya. In an yi sati biyu ba amsa, aikin ya rufe, kafin alƙalami ba ya dawowa. Kuma adadi da lamba, da sunan kuɗin. A garin nan in ka ce dubu biyar da baki, wani zai ji sefa 5,000, dattijon da ke ƙirga da dala zai ji 25,000, wanda ya ƙetaro daga Illelar Najeriya kuma naira zai ji.

Na zo da kwafin debin nan guda ashirin, na share sunan ƙungiyar. Suna wurin ƴar'uwarmu da ke bakin ƙofa. Wanda bai samu ba ya ɗauki hoto a wurin maƙwabcinshi, ya goge adadina ya sa nashi. Akwai sauran lokaci kafin la'asar, mai tambaya ya ɗaga hannu.